Tsoho ya fito baƙi ƙirin, taga ta fito fara fat

Assalamu alaikum. Kakana ya haura shekara 85, kuma yana cikin 'yan dakon da suka yi aikin jera buhuna a dalar gyaɗa a nan Kano. Na aro kyamara ɗaya mai ido 18-55, da ƙafarta, da ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, na ɗauki hirarsa a ɗakinsa da ƙarfe tara na safe. Ya zauna a kujera, tagar ɗakin mai kallon gabas tana bayansa, baffana ya zauna a ƙasa yana yi masa tambayoyi, ni kuma ina tsaye a bayan kyamara. Da na koma gida na duba, sai na ga fuskarsa baƙi ƙirin, taga fara fat, idonsa rabin lokaci a ƙasa, rabi a sama wajena. Kuma duk inda na yanke magana sai hoton ya yi tsalle. Ya ce ya yarda a sake sau ɗaya, don jikin ba ƙarfi. Ba ni da kuɗin fitila ko kyamara ta biyu. Yaya zan yi kada in ɓata wannan damar?

Jikan ɗan dako, Kano

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ƙara wa tsoho lafiya.

Ka fara da zuwa wajen baffanka ka roƙe shi, cikin ladabi, ya bar maka aikin tambayar. Ba gazawa ya yi ba. Ɗa ba ya zuba wa mahaifinsa ido, ba ya zama kafaɗa da kafaɗa da shi, ba ya ce masa "Baba, wannan maganar ban gamsu ba, maimaita." Tarbiyyar da aka yi masa ke nan, kuma ba kyamara ce za ta sauya shi a wuni ɗaya ba. Kai kuwa jika ne. Tsakaninka da tsoho akwai wasa. Kana iya kallonsa ido cikin ido, ka ce masa kai fa ba ka yarda ya taɓa ɗaukar buhu biyu a lokaci guda ba, ya harzuƙa ya gyara zama ya ba ka labarin da ya shekara arba'in bai ba kowa ba. Wannan dama ce da masu zuwa daga nesa da manyan kaya ba su da ita, kai kuma ka je ka ɓoye ta a bayan kyamara.

Dalilin da ya sa na fara da wannan shi ne, a hira da kyamara ɗaya, inda mai magana yake kallo shi ke yanke sauran hukunci. Shi zai gaya maka gefen da taga za ta kasance, shi zai gaya maka gefen da za ka bar fili a cikin hoto. Mutum kuwa wanda yake yi wa magana yake kallo. Idan mutum biyu ne a gabansa, ɗaya a ƙasa ɗaya a tsaye, zai raba musu ido, don tsofaffi ba sa son a ce sun yi watsi da wani. Saboda haka a wannan karon mutum ɗaya kaɗai zai samu ya kalla, wato kai. Ka nemo aboki ko ƙani mai natsuwa ya zauna a bayan kyamara da abin ji a kunne, kansa a sunkuye kan allon kyamarar, ka gargaɗe shi kada ya gyaɗa kai, kada ya yi dariya, kada ya ce "ikon Allah". Da zarar ya yi, tsoho zai juya ya ƙarasa masa labarin. Baffa da sauran 'yan kallo su jira a tsakar gida. In ya zama dole wani babba ya zauna a ɗakin, to ya zauna dab da bayanka, ta yadda ko tsoho ya kalle shi idonsa bai bar layinka ba.

Abu uku ne za su zama a tsayi ɗaya daga ƙasa: idon tsoho, idon kyamara, da naka idon. Ba da ƙiyasi za ka yi wannan ba. Ka samo igiya ko tef ɗin tela, tsoho ya zauna yadda ya saba zama, ka auna daga ƙasa zuwa idonsa, ka sauke ƙafar kyamara har tsakiyar gilashin ya zo daidai nan. Mai zama a kujera idonsa yakan kai kamar santimita 110 zuwa 120. Mai zama a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, kamar 70 zuwa 80. Kyamarar da ta fi mutum tsayi tana ƙanƙantar da shi, ta nuna saman hularsa da dandamalin ɗaki. Wadda ta yi ƙasa da yawa tana leƙa hancinsa da rufin kwano.

Na san abin da za ka ce: yaya za ka hau kujera ka zauna daidai da kakanka? Hanya biyu ce. Ko dai ya sauko ƙasa kan darduma da matashin jingina, kai ma kana ƙasa, kowa ya huta, ko kuma ka gaya masa aikin ne ya buƙaci haka ka nemi izini. Ni na fi son ta farko, in gwiwarsa za ta yarda, domin tsohon da ya saba hira a kan tabarma ya fi sakin jiki a can, hannunsa ma ya fi motsi. Amma ka gwada ƙafar kyamarar tun a gida, domin wasu masu arha ba sa sauka ƙasa da kyau. In taka ta ƙi, ka ɗora kyamarar a kan 'yar kujerar tsugunno, ka tallafe ta da ƙaramin buhun shinkafa ko wake, ta zauna daram.

Kai kuma ka zauna dab da kyamarar, kusa har ka ji kamar kunnenka zai taɓa ta, tazarar taƙi ɗaya ko biyu. Nan ne mutane suka fi kuskure. Idan ka matsa gefe da mita ɗaya don ka sake, tsoho zai juya maka fuska, kyamara ta samu kunne da kunci, idonsa na can gefe ya ɓace. Idan kuma ka zauna a bayanta daidai, zai riƙa leƙenka ta gefe, idonsa yana shiga gilashi yana fita kamar marar gaskiya. Abin da kake nema shi ne mai kallo ya ga idanunsa biyu sosai, ya ji kamar shi ma yana zaune a gefenka ana ba ku labari. Kuma in ka zauna, ka zauna ke nan. Kada ka miƙe ka leƙa allo a tsakiyar magana, kada ka sunkuya kan takarda kana neman tambaya ta gaba, domin in ka kalli ƙasa shi ma zai kalla. Ka haddace tambayoyinka biyar ko shida. Ka amsa masa da fuska, da gira, da gyaɗa kai, amma bakinka a rufe, saboda duk "na'am" da "to" da ka yi za su hau kan muryarsa, kuma ba sa goguwa.

Yanzu taga. Kyamara ba ta da irin idon da Allah ya ba mu. Kai kana iya ganin fuskar mutum a ɗaki ka kuma ga tsakar gida ta taga a lokaci guda. Ita sai ta zaɓi ɗaya, domin hasken waje ya ninka na cikin ɗaki sau da yawa. Ka bar mata zaɓin, ta ga farin fili a bayan tsoho, ta rage haske don ta daidaita shi, fuska ta nutse. Maganin ba a cikin maɓallan kyamara yake ba. A juya zaman ne, taga ta fita daga hoto gaba ɗaya ta koma ta zama fitilarka.

Bari in jera maka ɗakin kamar ina ciki. Tagar tana bangon gabas. Ka zaunar da tsoho a ɓangaren arewacin ɗakin, fuskarsa tana kallon kudu, sai taga ta kasance a hagunsa. Kada ta zo daidai kunnensa. Ka ja shi baya kaɗan ta yadda tagar za ta zama a gabansa ta gefe, kamar rabin hanya tsakanin inda hancinsa ya dosa da inda kafaɗarsa ta hagu ta dosa. Tsakaninsa da ita ya zama mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kyamara tana kudu da shi tana kallon arewa, tazarar kamar mita biyu. Kai kuma, ga inda mutane da yawa suke juya lissafin: ka zauna a gefen kyamara na wajen taga, wato tsakanin kyamara da bangon gabas. Da ya juyo zai kalle ka, ya juyo wa haske ke nan. Hasken zai cika idanunsa, kuncin da ya fi kusa da kyamara kuma ya samu 'yar inuwa mai laushi, wadda ita ce ke fito da ƙashin fuska da tamojin tsufa da tsagar gado in yana da ita. Idan ka zauna a ɗaya gefen, zai juya wa taga ƙeya, hasken ya faɗa kan kunne da wuya, idanu su shiga duhu.

Akwai alamu biyu da za ka duba a allo kafin ka fara. Ta farko, ɗan farin ɗigon taga a cikin ƙwayar idonsa. In kana ganinsa a ido biyun, zaman ya yi. In a ɗaya ne kawai, taga ta yi gefe da yawa, sai ka ƙara jan tsoho baya ko ka juya shi kaɗan wajenta. Ta biyu, inuwar hanci. Ta faɗi gajeriya, ta gangara kaɗan zuwa gefen baki. Idan ta raba fuskar gida biyu, rabi fari rabi baƙi, nan ma taga ta yi gefe. Idan yana sa tabarau kuma ka ga taga zaune a kan gilashin ta rufe ido, kada ka ce ya cire, don in ya cire ba zai gan ka ba, kuma ba zai yi kama da kansa ba. Ka ɗan ɗaga hannayen tabaraun daga kan kunne, gilashin ya sunkuya ƙasa kaɗan, yawanci walƙiyar takan zame.

Wani abin lura game da zaman ƙasa: tagogin tsofaffin ɗakuna ƙanana ne, kuma suna sama. In tsoho ya zauna a ƙasa dab da irin wannan tagar, hasken zai sauko masa daga bisa, ramin ido ya yi duhu, hula ma ta yi wa goshi inuwa. In ka ga haka, ko ka ƙara nisanta shi da bangon kaɗan, ko ka mayar da shi kujera kai ma ka hau taka. Idan tagar ta yi ƙanƙanta ƙwarai, ka dubi ƙofa. Buɗaɗɗiyar ƙofa babbar taga ce da ta sauko har ƙasa, kuma duk abin da na faɗa a kan taga ya hau kanta. Abin da ba a so shi ne su biyun su yi aiki tare daga ɓangarori daban-daban. Ka zaɓi ɗaya, ka sauke labule mai kauri a kan ɗayar.

Lokaci kuma ka sauya shi. Tagar gabas da safe rana ce tsirara take shigowa ta cikinta, mai kaifi, mai sa tsoho ya runtse ido, kuma tana tafiya: inda ta haska da ka fara ba nan za ta haska ba bayan minti ashirin. Abin da kake so hasken sarari ne da na bango, ba ƙwayar rana ba. Ga tagar gabas, wannan yana samuwa ne bayan rana ta ɗaga ta bar ta, daga wajen ƙarfe sha ɗaya zuwa yamma. In akwai katanga a tsakar gida da ke fuskantar tagar, bayan azahar rana za ta bugi katangar ta dawo maka da haske mai daɗi cikin ɗaki. Sai dai launinta zai biyo shi. Farar katanga alheri ce, ta jar ƙasa tana ƙara wa fata ɗumi kuma ba laifi, amma mai koren fenti ko shuɗi tana sa mutum ya fito kamar marar lafiya. Ka je kwana ɗaya kafin ranar, ba tare da ka dami tsoho ba, ka zaunar da abokinka a wurin, ka duba shi da sha ɗaya, da sha biyu, da biyu da rabi. Ka haɗa da lissafin kiran salla da lokacin da tsoho yake kishingiɗa. Ni da zan zaɓa, daga sha ɗaya zuwa kafin azahar zan ɗauka, lokacin ya karya kumallo, bai kuma gaji ba.

In wata rana ka samu kanka a ɗaki mai tagar kudu ko arewa, ka tuna cewa a Kano rana tana karkata kudu sosai a lokacin sanyi, ta shigo ta tagar kudu, sannan daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta takan bi ta arewa da mu kaɗan. Abin da ake karantawa a littattafan Turai cewa tagar arewa ba ta ganin rana bai cika zama daidai a nan ba. Hazon hunturu kuwa abokin mai ɗauka ne, yana tace rana kyauta. Damina ce mai wahala, gajimare ya rufe ya buɗe, fuska ta yi ta haske tana duhu. Idan rana ta dage sai ta shigo, ka rataya farin yadi marar kauri a tagar, fari sol ba mai fure ba. Zai ci wani kaso na hasken, amma zai tausasa sauran.

Gefen inuwa kuma, wato daman tsoho, in ya yi duhu da yawa ka jingina wani abu fari a can, wajen hoto, kamar mita ɗaya daga fuskarsa, yana fuskantar taga: farin kwali babba, ko farin zanen gado a kan bayan kujera. Ka matso da shi kana kallon allo har ka fara ganin fatar kuncin, sai ka tsaya. Kada ka kashe inuwar duka, in ka kashe ta fuskar za ta zama shafal kamar hoton katin shaida. Fata mai duhu tana da sheƙi, tana ɗaukar hoton abin da ke haska ta, shi ya sa babban abu fari mai laushi ya fi yi mata kyau a kan ƙaramar fitila mai ƙarfi. Madubi kuwa kada ka kusanto da shi.

Sai maganar riga, wadda za ta iya jawo maka 'yar rigima. Tsoho in ya ji za a ɗauke shi, farar shaddarsa ta Juma'a zai ciro. Farar riga kusa da taga takan ƙone a hoto ta zama fili marar zare tun kafin fuska ta samu hasken da take buƙata. Ka lallaɓa shi ya sa mai ruwan toka, ko ruwan ƙasa, ko shuɗiya. In ya ƙi, kada ka ja, fuskar za ka bi. Ka daidaita haske a kan fatarsa, rigar ta yi yadda ta ga dama.

Wannan ya kawo mu ga maɓallai, kuma kaɗan ne. Ka fitar da kyamarar daga sarrafa kanta ka sa ta a M. Hoto 25 a daƙiƙa, saurin ƙiftawa 1/50, wanda ya dace da wutarmu ta nan. Irin idon da ka aro ba ya buɗewa sosai in ka jawo hoto: wajen lamba 35 a jikin idon yakan tsaya kusan f/4.5, wajen 50 kuma f/5.6. Ka sa shi a f/5.6 tun farko ka bar shi, don kada haske ya sauya duk lokacin da ka jawo ko ka mayar. Sannan ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, har fuska ta fito, ko da ya kai 800 ko 1600. 'Yar ƙura-ƙura a hoto ta fi fuskar da ba a gani. In har 1600 bai isa ba, matso da tsoho kusa da taga da rabin mita, za ka sha mamakin bambancin, domin hasken taga yana mutuwa da sauri in ana nisa da ita. Launi ka kafe shi a alamar rana ko 5600K, kada ka bar shi a AWB, inda kyamara take zaɓar launi da kanta. Saitin kaifi kuma ka jawo hoton idonsa a allo, ka daidaita da hannu, ka bar shi. A 50 da f/5.6 daga mita biyu kana da zurfin kamar santimita 30 da hoto zai zauna da kaifi, ya ishi mai jingine. In tsoho mai rausaya ne gaba da baya in labari ya yi daɗi, ka tsaya a 35, can zurfin ya haura rabin mita.

Ka kashe maɓallin ƙwan ɗakin da na fanka da hannunka, ko da babu wuta a lokacin. Na taɓa ɗaukar wata dattijuwa mai ginin tukwane, ana tsakiyar labarin rasuwar mijinta, muryarta ta fara rawa, sai aka kawo wuta. Ƙwai ya kama a saman kanta ya zuba mata wani haske rawaya, fanka ta tashi da ƙara, yara a waje suka sa ihu. Ta yi dariya ta share ido ta ce to Alhamdulillahi, labarin kuma bai dawo ba. Na sake tambayarta daga baya, ta ba ni shi a jimla biyu.

Yanzu tsarin hoton. Tunda tsoho yana kallon wajen taga, a allo zai zama yana kallon dama. Saboda haka ka ajiye shi a ɓangaren hagu, ka bar fili a gaban fuskarsa. Yawancin kyamarori suna da layukan da ke raba allo gida uku a tsaye da kwance, ka kunna su. Jikinsa ya hau layin hagu, idanunsa su hau layin sama. In ka sa idanu a nan, filin saman kai yakan daidaita kansa. Sabon mai ɗauka yakan sa fuska a tsakiyar allo, sai rabin hoton ya zama bango. Hula kuwa a hoto mai faɗi ka bar ta duka da ɗan fili a samanta. A hoto na kusa kana iya yanke samanta, ba komai, amma kada ka taɓa yanke haɓa ko gemu, domin baki ne ke aiki. Ka janye shi daga bangon baya da aƙalla mita ɗaya, don kada inuwarsa ta manne a bango. In ɗakin ya matse, ka karkata zaman gaba ɗaya ta yadda kyamara za ta kalli kusurwa, nan ne ɗaki ya fi tsawo. Ka duba abin da ke bayan kansa: ƙusa, agogo, kalanda, igiyar rataye kaya. Abin da yake nasa ne na gaske, irin buta da carbi da sanda da akwatin ƙarfe, ka bar su inda suke.

Daga mita biyu, ba tare da ka motsa ƙafar kyamara ba, idon nan zai ba ka hoto uku. A 24 za ka samu tsoho kusan duka, in a ƙasa yake zaune, da wani yanki na ɗakin. A 35 daga ciki zuwa hula, da hannaye in ya ɗaga su. A 50 daga ƙirji zuwa sama. Kada ka sauko 18 ka matso da kyamara kusa don ɗaki ya yi kaɗan, hanci zai kumbura, kunnuwa su gudu baya.

Waɗannan ukun su ne maganin tsallen da ka gani. Hoto yana tsalle ne idan aka haɗa yanki biyu masu girma ɗaya, kai ya ɗan goce. In girman ya bambanta sosai, ido yakan karɓa kamar kyamara biyu ce. Dokar ita ce abokinka ya sauya girman hoto a lokacin da kake yin tambaya kawai, ya sake duba kaifi, sannan ya cire hannunsa har tsoho ya gama amsa. Tambayarka za a yanke ta daga baya, don haka motsin ba zai fito ba. Ku shirya tun a gida: tambayar farko, ta asali da garin haihuwa, a 24. Bayanin aiki a 35, domin ɗan dako ba zai faɗi yadda ake cilla buhu a ka a hau da shi saman dala ba sai ya nuna da hannu da kafaɗa, kuma in kana kusa da yawa hannayen za su riƙa fita daga hoto. Tambayar da ka san za ta taɓa zuciya, ta abokan da suka rasu ko ranar da aikin ya ƙare, a 50. In kyamarar tana ɗaukar 4K kuma za ka fitar da aikin a 1080p, kana da wata dabarar: wajen tacewa kana iya jawo hoto har ninki biyu bai lalace ba, amsa ɗaya ta ba ka girma biyu. Sai dai ka gwada tun a gida, domin wasu kyamarorin suna matse hoto a 4K, wasu suna zafi su mutu, wasu kuma suna tsayawa da kansu kafin minti 30. Ka san halin taka, ka tsayar ka sake kunnawa a tsakanin tambayoyi.

Kyamarar kada ta tsallaka ɗaya gefenka a tsakiyar hira. In ta tsallaka, tsoho zai koma kallon hagu a allo, a haɗe kuma sai ya zama kamar mutum biyu ne suke fuskantar juna.

Hirar kada ta wuce minti 40. In ya gama amsa kada ka yi caraf ka jefa wata tambayar. Ka ƙirga uku a zuci kana kallonsa. Shirun yana ba ka wurin yanka, kuma sau da yawa a cikinsa ne tsoho yake cewa "af, na manta ban gaya maka ba", ya kawo wadda ta fi duka.

Da kun gama, kafin haske ya sauya, ka roƙe shi minti goma. Yanzu kana iya ɗaga kyamara. Ka ɗauki hannayensa a kan gwiwa, da yatsunsa a kan carbi, da tafin hannun da ya yi dako, da ƙafafunsa, da duk wani tsohon hoto ko takarda da ya ajiye, kowanne daƙiƙa goma cur ba motsi. Da waɗannan za ka rufe duk yankan da sauyin girma bai rufe ba. Sannan kowa ya yi shiru ka naɗi minti ɗaya na sautin ɗakin kawai, za ka buƙace shi wajen cike giɓi tsakanin jimloli.

Tsohuwar ɗaukar nan kuma kada ka goge ta. In muryar ta fito da kyau, ka ajiye ta wuri biyu. Akwai abin da ya gaya wa baffanka da ba lalle ya maimaita maka ba, kuma muryar za ta zauna lafiya a kan hoton hannayensa.